Waiwaye: Lambobi uku da suka durƙusar da ARPANET a 1980

Muhawarar da injiniyoyin sadarwa ke tafkawa kan ko OSPF da IS-IS, ƙa'idojin da rauta, wato na'urorin da ke zaɓa wa bayanai hanya, ke bi wajen gano hanyoyi, sun dace da manyan cibiyoyin adana bayanai ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Tun da RFC 7938, ɗaya daga cikin kundayen bayanin fasahar intanet, ya fito a 2016 yana bayyana yadda za a yi amfani da wata ƙa'idar daban mai suna BGP a irin waɗannan wurare, wasu ke cewa tsarin halin layi na OSPF da IS-IS, wanda kowace rauta ke riƙe da taswirar hanyoyi gaba ɗaya, ya tsufa. Da yawa kan ɗora laifin a kan nauyin lissafin gajeriyar hanya. A ganina matsalar tana wani wuri daban, kuma ta bayyana kanta tun fiye da shekaru arba'in da suka wuce.

Farkon labarin sananne ne. Edsger Dijkstra ya wallafa dabararsa ta gano gajeriyar hanya a 1959. ARPANET, hanyar sadarwar kwamfuta da ta share wa intanet fage, ta fara aiki a 1969 da wani tsari na daban, inda kowace na'ura ke gaya wa maƙwabtanta nisan da take jin akwai tsakaninta da kowa, su kuma su ɗora nasu lissafin a kan jita-jitarta. Idan layi ya yanke, labarin kan daɗe bai game ko'ina ba, fakiti, wato ƙullin bayanan da ake aikawa, su yi ta kewaye. A 1979 John McQuillan da Ira Richer da Eric Rosen suka kawo sabon tsari: kowace na'ura ta faɗi abin da ta gani da idonta kawai, wato layukan da ke jikinta da tsadar kowanne, a yaɗa wannan sanarwa ga kowa, sannan kowa ya haɗa taswira ya yi lissafinsa da dabarar Dijkstra.

Lissafin kansa ba shi da wuya. A ce rauta huɗu ne, A da B da C da D. Tsadar layin A zuwa B ita ce 2, A zuwa C 5, B zuwa C 1, C zuwa D 3, B zuwa D kuma 7. A za ta fara da kanta a kan sifili, ta ɗauki mafi kusa, wato B a kan 2. Daga B sai ta ga C ta sauko zuwa 3, ƙasa da 5 na layin kai tsaye, D kuma tana kan 9. Ta tabbatar da C, sannan ta ga D ta C tana kan 6. An gama. Abin da A za ta rubuta a teburinta shi ne duk fakitin da za shi D a miƙa wa B.

To amma A ta miƙa wa B ne bisa amanar cewa taswirar B iri ɗaya ce da tata. A ce layin C zuwa D ya yanke. C ce za ta fara sani, ta sake lissafi, ta ga hanyarta zuwa D yanzu ta B ce a kan 8. B kuwa, kafin sanarwa ta iso ta, tana nan a kan cewa D ta C ce a kan 4. Sai su yi ta jefa wa juna fakiti ɗaya. Kowacce ta yi lissafi daidai, taswirorin ne suka saɓa. Saboda haka duk tsarin ya rataya ne a kan tambaya ɗaya: idan sanarwa biyu daga rauta ɗaya suka iso, wacce ce sabuwa?

Ranar 27 ga Oktoba 1980 wannan tambaya ta tsayar da ARPANET na sa'o'i da dama, kuma Rosen ya rubuta yadda abin ya faru a RFC 789. Littattafan koyarwa kan ba wannan rana layi biyu su wuce, alhali ita ce ta tsara yawancin abin da muke gani a yau.

Kowace sanarwa tana ɗauke da lambar jeri mai bit 6, wato daga 0 zuwa 63, sannan ta zagayo. Tun da lambar tana zagayawa, an kafa ƙa'ida: babbar lamba ce sabuwa idan tazarar ba ta wuce 32 ba, idan kuwa ta wuce, ƙaramar ce sabuwa. Ƙa'ida ce mai ma'ana muddin lambobin da ke yawo suna kusa da juna. A ranar, wata na'ura mai lamba 29 da ta sami lahani ta riƙa zubar da bit, sai sanarwa ɗaya ta maƙwabciyarta mai lamba 50 ta zama uku:

```
44 = 101100
40 = 101000
 8 = 001000
```

A duba da kyau. 44 ta fi 40 sabunta, domin tazarar 4 ce. 40 ta fi 8, domin tazarar 32 ce cif. Ita kuma 8 ta fi 44, domin tazarar 36 ta wuce 32. Kowace sanarwa a cikin ukun tana da wadda ta fi ta sabunta. Na'ura ta karɓi 44 ta yaɗa, 8 ta iso ta karɓa ta yaɗa, 40 ta biyo, sai 44 kuma, ba iyaka. Sanarwar hanya kuwa ita aka ba fifiko a kan sauran ayyuka, don haka ta cinye lokacin na'urori da ma'ajiyarsu, har layuka suka riƙa faɗuwa. Kashe na'ura ɗaya a kunna bai yi magani ba, domin da ta tashi maƙwabta za su sake ɗura mata. Sai da aka saka gyaran da ya sa na'urori su yi watsi da sanarwar lamba 50 kafin ƙura ta lafa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu na'urar da ta karya ƙa'ida, ban da wadda kayanta suka lalace. Ingancin yaɗa sanarwa, wanda shi ne ƙarfin tsarin, shi ya kai cutar ko'ina.

Radia Perlman ta wallafa nazari a 1983 kan yadda za a yaɗa bayanan hanya ta yadda tsari zai warke da kansa bayan lahani. Wanda ya buɗe OSPF na RFC 2328, na 1998, zai ga tabon 1980 a jikinsa. Lambar jeri ta zama bit 32 a miƙe, tana farawa daga `0x80000001`, kuma idan ta kai ƙarshe sai an share sanarwar daga ko'ina kafin a koma farko. Kowace sanarwa tana da lambar tantancewa da ke tona lalacewar bit. Mai ita yana sabunta ta duk sakan 1800, wadda ta kai sakan 3600 kuma a jefar da ita. An kuma raba babbar hanyar sadarwa zuwa yankuna domin taƙaita inda sanarwa ke kaiwa.

Ko a yau, mai neman gano lahani da wannan umarni yake fara duba sanarwar da rauta ke riƙe da su:

```
show ip ospf database
```

Rauta biyu a yanki ɗaya dole lambobin jeri da na tantancewa su dace. Idan lambar wata sanarwa tana hawa cikin sakanni maimakon rabin sa'a, ko dai layi na faɗuwa yana tashi, ko rauta biyu sun ɗauki lambar shaida ɗaya, kowacce tana goge maganar ɗayar.

A cibiyar adana bayanai ta zamani, inda kowace rauta ke da maƙwabta da dama, lissafin Dijkstra kan ƙare cikin ƙiftawar ido. Abin da ke taruwa shi ne kwafi: sanarwa ɗaya takan iso rauta ta kusan kowane layin da ke jikinta, kuma sai ta duba kowanne ta tantance sabo ne ko tsoho. Shi ya sa masu kare OSPF da IS-IS suka mai da hankali kan rage layukan da sanarwa ke bi, masu zaɓen BGP kuma suka yarda su rasa cikakkiyar taswira domin kada su ɗauki nauyin daidaita ta a kowace na'ura.