Ba Duk Amsar Da Ta Fito Ake Karɓa Ba

An daɗe ana ɗauka cewa muddin ba a yi kuskure a lissafi ba, duk amsar da ta fito daidai ce. Ba haka abin yake ba idan x na ƙasan layin raba.

Ga misali:

```
x²/(x − 2) = 4/(x − 2)
```

Tun kafin a fara, a duba ƙasan layi: idan x ya zama 2, ƙasa ya koma sifiri, kuma ba a raba lamba da sifiri. Saboda haka a rubuta x ≠ 2 a gefe.

Sai a ninka ɓangarorin biyu da (x − 2), a sami x² = 4. Ke nan x = 2 ko x = −2.

To daga ina ɓarakar take? Daga ninkawar nan. Idan x = 2, da sifiri aka ninka, sifiri kuwa yakan daidaita kowane ɓangarori biyu. Sabon lissafin ya karɓi 2, na asali bai san da ita ba.

Dole a mayar da kowace amsa cikin lissafin asali, ba wanda aka sauƙaƙa ba. Da −2, hagu 4/(−4), dama ma 4/(−4), duka −1. Da 2 kuwa, 4/0 za a samu, sai a jefar da ita.