Tambarin da Facebook ke mannawa a bidiyo: kar ka yi saurin gogewa

Tun da aka fara lulluɓe bidiyon wasu masu shafuka a nan Gusau da rubutun nan na "False information", wato bayanin ƙarya, ake ta yaɗa cewa gwamnati ce ke sakawa, wai daga nan sai jami'an tsaro su biyo mutum gida. Jama'a ba haka ba ne. Wannan doka ce ta kamfanin Meta mai Facebook da Instagram, ba ta kotu ba. Masu yanke hukuncin ƙungiyoyin tantance labarai ne masu zaman kansu, a Najeriya akwai irin su Dubawa da Africa Check da AFP. A 2025 Meta ta daina aiki da irinsu a Amurka, shi ya sa wasu suka ɗauka an soke abin ko'ina, alhali a Amurka ne aka canza.

Ripot ɗin 'yan hassada ma shi kaɗai ba ya jawo tambari, iyakarsa ya sa a duba bidiyon.

Ga yadda abin ke faruwa. Wani ya turo maka bidiyon gidaje na cin wuta a WhatsApp, ka ɗora ka rubuta "yanzu-yanzu a Tsafe", ashe tsohon bidiyo ne na wata ƙasa kuma tuni an tantance shi. Na'urar Meta tana gane kwafin bidiyon da aka riga aka yi wa hukunci, sai kawai ta manna maka, ko da babu wanda ya buɗe shafinka. Ba za a cire bidiyon ba amma za a danne shi ya daina kaiwa ga mutane, hukuncin "False", wato ƙarya, da "Altered", wato bidiyon da aka jirkita, su suka fi nauyi, in kuma abin ya yi ta maimaituwa shafin gaba ɗaya ake dannewa, a hana ka talla da samun kuɗi.

Inda mutanenmu ke tafka kuskure shi ne gogewa cikin firgici. Gogewa ba ta wanke shafin, kuma ka ɓatar da abin da za a duba in ka ɗaukaka ƙara. Ka danna "See why" tukuna, ka karanta wa ya tantance da hujjarsa. In sun fi ka gaskiya ka gyara rubutun, ka faɗa ƙarara cewa bidiyon tsoho ne ba na Tsafe ba, sannan ka sanar da su ka gyara. In kai ka ɗauka da wayarka, tura musu asalin bidiyon mai kwanan wata da wurin da ka tsaya, su ke da ikon sauya hukuncin.

Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, maganar da ɗan siyasa ya faɗa da bakinsa ba ta shiga wannan tantancewar, amma yaron da ya yaɗa bidiyo saboda tsoron halin da ƙauyensu ke ciki shi za a danne wa shafi.