Hutun shekara, hutun uzuri ko hutun da babu albashi: wanne zan nema?

Tambaya: Ina mataki na 8 a aikin gwamnatin tarayya. Za a yi wa mahaifiyata tiyata, jinyar za ta kai mako shida, kuma kwana 10 kacal ya rage mini a hutun bana. Wanne zan nema?

Amsa: Ki fara da kwana goman nan, domin hutun shekara haƙƙinki ne kuma albashinki zai shiga cif. Ma'aikaci daga mataki na 7 zuwa sama yana da kwana 30 a shekara, sai dai shugaban sashe ne ke amincewa da lokacin tafiya, saboda haka ki kai takardarki da zarar likita ya sa rana.

Hutun uzuri, wanda ma'aikata ke kira kajuwal, na biye, amma kada ki ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. An tanade shi ne don lalura ta 'yan kwanaki, kamar rasuwa ko kai mara lafiya asibiti, kuma duka-duka bai wuce mako guda a shekara ba. A ƙa'idar aikin tarayya sai an cinye hutun shekara ake ba da shi, sannan a cire shi daga hutun da ke tafe. Rance ne ke nan, ko da yake da yawa suna ɗaukarsa kyauta.

Idan kin haɗa biyun, za ki samu mako biyu da rabi zuwa uku. Sauran ne kawai ya dace ki nema ba albashi.

Tambaya: Me zai hana in nemi hutun da babu albashi gaba ɗaya, in huta da lissafi?

Amsa: Tsadarsa ce za ta hana. A ce albashin da ake lissafa fanshonki a kansa naira 120,000 ne a wata. Wata guda ba albashi zai raba ki da kuɗin, sannan kashi 10 cikin ɗari da gwamnati ke zuba miki a asusun fansho, wato naira 12,000, shi ma ba zai shiga ba. Idan kuma akwai bashin banki ko na ƙungiyar adashen ma'aikata da ake cira daga albashi, ba zai jira mahaifiyarki ta warke ba.

Ban da haka, wannan hutu alfarma ce da hukuma ke iya hanawa. Kada ki tafi don kawai shugabanki ya ce "je ki, ba komai". Ki jira takardar amincewa mai ɗauke da ranar tafiya da ta dawowa, domin rashin zuwa aiki ba izini babban laifi ne da kan kai ga kora.

Tambaya: Mijina a kamfani yake. Haka nasu yake?

Amsa: A'a. Dokar Ƙwadago ta wajabta kwana 6 na aiki ne kawai bayan wata 12 ana aiki, kuma ba ta ambaci kajuwal ba. Ya duba takardar ɗaukarsa aiki.