Ba kowane akwati mai walƙiya ne ruta ba

Tun da intanet ya shiga ƙananan ofisoshin Garwa da Marwa, kalmar ruta ta cika bakin mutane. Duk akwatin da aka gani a bango da fitilu suna ƙyalƙyali da wayoyi a bayansa, sai ka ji an ce ruta ce. Har masu talla a rediyo haka suke kiran komai. Abin yana damuna, domin wannan kuɗin goron yana sa mutane sayen abin da ba shi suke bukata ba.

Akwatuna biyu ne aka fi ruɗawa: suwic da ruta. Suwic aikinsa a cikin gida ne. Kowace na'ura tana zuwa da lambarta daga masana'anta, wadda ake kira MAC. Suwic yana lura da wace lamba ce ke kan wace kafa, ya riƙe, idan saƙo ya zo ya miƙa shi ga mai shi kawai. Ƙaramin suwic irin na ofis bai san wani abu wai shi intanet ba, ba ya kuma raba adireshi. Ita kuwa ruta tsakanin gida da waje take tsayawa, kamar zaure, shi suwic kuma tsakar gidan da ɗakuna ke buɗewa a kai. Ita ce ke ba kowace kwamfuta adireshin IP ta hanyar DHCP, ita ce kuma ke fitar da su duka waje da adireshi guda da kamfanin sadarwa ya bayar.

Tushen ruɗanin shi ne, rutar da ake sayarwa a kasuwa tana ɗauke da ɗan suwic a cikinta. Kafofin nan huɗu da aka rubuta wa LAN su ne suwic ɗin, kafa ɗayan da aka ware mai suna WAN ita ce hanyar waje. Don haka mutum yana amfani da suwic kullum bai sani ba.

A ɗauki wurin buga takardu mai kwamfuta shida da firinta guda. Kafofi huɗun sun cika. Mai wurin ya je shago ya ce a ba shi "wata ruta", ya dawo ya jawo waya daga tsohuwar ya soka a WAN na sabuwar, ya haɗa kwamfuta uku da firinta a kanta. Intanet ya zo ko'ina, kowa ya yi murna. Can sai mai buga takarda ta ce: "Alhaji, tawa ba ta ganin firinta." Nan fa a fara zargin firintar, a cire a mayar, alhali lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne an raba ofishin gida biyu, kowane da adireshinsa, kuma sabuwar rutar tana kallon tsofaffin kwamfutocin a matsayin baƙi daga waje, tana tare su a ƙofa.

Gane wannan ba wuya. A buɗe `cmd`, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a kwamfuta ɗaya ta kowane ɓangare a rubuta:

```
ipconfig
```

A duba layin `Adresse IPv4` da na `Passerelle par défaut`, wato ƙofar fita, tunda galibin kwamfutocinmu da Faransanci suke. Idan wannan ta nuna 192.168.1.12, waccan kuma 192.168.0.101, ƙofar fitarsu ma ta bambanta, to gida biyu ne. Idan kuwa aka ga adireshi ya fara da 169.254, wannan wata matsala ce daban: kwamfutar ta nemi adireshi ba wanda ya ba ta, watau galibi ba ta kai ga ruta ba ne.

Abin da Alhaji yake bukata tun farko suwic ne mai kafa 8. Waya ɗaya daga LAN na ruta zuwa kowace kafa ta suwic, shi ke nan, babu saiti. Sai dai a yi lissafi: wayar haɗin ta cinye kafa ɗaya a kowane ɓangare, saura 7 a suwic, 3 a ruta. A nemi wanda aka rubuta wa 10/100/1000, domin mai 10/100 yana jan ƙafa wajen tura manyan fayiloli tsakanin kwamfutoci. Kada waya ta wuce mita 100, kada kuma a ja waya biyu tsakanin ruta da suwic wai don ƙarin gudu. Saƙonni za su yi ta zagaye har komai ya tsaya.

Idan an riga an sayi ruta ta biyu, ba asara ba ce. A shiga saitinta a kashe DHCP, a ba ta adireshin da ke cikin jerin ta farko wanda ba kowa a kansa, kamar 192.168.1.2, sannan a cire wayar daga WAN a mayar LAN. Sai dai wayar za ta cinye kafar LAN ɗaya, saura 3, don haka a wurin Alhaji na'ura ɗaya za ta rasa kafa. Kashe DHCP ɗin nan dole ne. Wanda ya soka a LAN ya bar shi a kunne ya tara masu rabon adireshi biyu a gida ɗaya, kuma wannan ya fi na farko cin rai: kwamfutar da ta yi aiki da safe za ta iya rasa intanet da yamma, gwargwadon wadda ta riga amsa mata cikin rutocin biyu. Bayan gyaran, a kashe kwamfutocin da firintar a sake kunnawa domin su karɓi sabon adireshi.