Ku bar kai Netteté ɗin ekran ƙarshe

Tun da hunturu ya shiga, masu aikin ordinatar ke ta zuwa mana a sashen ido nan Tawa, ma'aikatan ofis da masu buga takardu a bakin kasuwa da 'yan makaranta. Kukansu ɗaya ne: ido na zafi, goshi na sara da la'asar, rubutu na rawa. Mu auna, mu tarar da yawansu ganinsu lafiya lau. In na tambayi yadda ekran ɗin yake, sai in ji an ce, "Ai majo, na ma ƙara masa kaifi har ƙarshe." To wannan ƙarin ne ke ba ni haushi.

A cikin menu na ekran akwai wurin da aka rubuta Netteté, a wani ekran kuma Sharpness, wato kaifi. Mutane na zaton in sun kai shi 100 rubutu zai ƙara fitowa. Ba ya ƙara komai, 'yan uwa. Kamar kwalli ne, yana zagaye ido amma ba ya ƙara masa gani. Abin da na'urar ke yi shi ne, duk inda baƙi ya haɗu da haske sai ta ƙara hasken gefen. Shi ya sa za ka ga wani farin zare ya kewaye kowane harafi da kowane layin Excel. Zaren nan babu shi a takardarka. Ido kuwa wuni yake yi yana neman bakin harafi na gaskiya, kana matse fuska, kana rage ƙiftawa, ga busasshiyar iskar hunturu. Ba zai makantar da kai ba, amma wahala ce ta banza da ka jawo da yatsanka.

Wata sakatariya ta zo da irin wannan kuka. Tele ce mai inci 32 aka jona mata da HDMI a madadin ekran, hoton na kan Dynamique, Netteté a 100. Na ce Hajiya, buɗe Word, ki sa shafin ya zama ruwan toka, ki rubuta layi biyu da baƙi. A kan fari zaren ɓuya yake, a kan toka kuwa sai ga shi fili, hagu da dama na kowane harafi. Muka fitar da hoton daga Dynamique zuwa Standard, muka riƙa saukar da lambar sannu a hankali har zaren ya ɓace, can kusa da sifiri. Ta ce rubutun ya yi laushi. Haka ne, idon da ya saba da zaren zai ga kamar an rage masa wani abu. Na ce ta ba shi kwana biyu kafin ta sake taɓawa.

Kada ku ce na ce kowa ya sa sifiri. A tele da yawa, wurin da ba ƙari ba ragi yana ƙasa sosai. A ekran ɗin ordinatar da yawa kuma yana tsakiya, wajen 50, in ka sauka ƙasa da nan sai rubutu ya dushe da gaske. Ka tsaya daidai inda zaren ya ɓace, harafin bai narke ba.

In rubutu bai fita ba tun farko, akwai dalili, kuma dalilin ake gyarawa. Duba Résolution a Windows, ka zaɓi wadda aka rubuta recommandé a gabanta, misali 1920 x 1080. In haruffa sun yi ƙanana, ka kai Mise à l'échelle 125%. In wayarka VGA ce, mai shuɗin kai, danna Auto a jikin ekran. In inuwa ce kake gani ta gefen dama kaɗai, galibi wayar ce ko bakinta, ɗaure ta ko canza ta. Goge ƙurar ekran da tsumma mai laushi. Bar tazarar hannu guda tsakaninka da shi, kuma duk minti 20 ka kalli nesa na daƙiƙa 20. Duk wannan kafin ka kai yatsa ga Netteté, don Allah.

Wanda ya haura shekara 40 yana ganin rubutun kusa na dushewa, tabarau yake bukata, ƙarin kaifi ba zai yi masa komai ba. Kuma ku daina sayen maganin ɗigawa a hannun masu talla, wasu na ɗauke da sinadarin da ke tayar da hawan jinin ido. In kuwa zoben haske kake gani a kewayen fitilar mota da dare, ko ido ya yi ja yana ciwo har da amai, wannan ba aikin ekran ba ne. Ka zo asibiti a ranar.