Lambar IMEI da sashe na 317: abin da doka ke tambayar mai sayen waya ta hannu

Tun da ƙwacen waya ya addabi Kano, magana biyu ke yawo a majalisu da cikin Adaidaita, kuma duka biyun ba daidai ba ne. Ta farko ita ce duk wanda aka kama da wayar sata, ko da saya ya yi bai sani ba, shekara 14 zai sha a gidan yari. Ta biyu ita ce idan ka danna *#06#, wayar ta nuna maka lambar shaidarta da ake kira IMEI, shi ke nan ka tsira. Masu maganar farko sun sa wasu sun daina sayen waya ta hannu gaba ɗaya. Masu ta biyu kuwa sun fi haɗari, domin suna tura mutane caji ofis da ƙwarin guiwa.

Shekara 14 ɗin ba ƙirƙirarta aka yi ba. Tana cikin sashe na 317 na kundin hukunta laifuka da jihohin Arewa suka gada, wanda ake kira Final Kod, aka fara aiki da shi a 1960. Sashen yana magana ne kan wanda Bahaushe ke kira ɓarawon zaune: wanda ya karɓi kayan sata ko ya ci gaba da riƙe su da rashin gaskiya, alhali ya san na sata ne, ko yana da dalilin da zai sa ya gane na sata ne. Hukuncin ɗauri ne da zai iya kaiwa shekara 14, ko tara, ko duka biyun. Wato 14 ɗin ƙololuwa ce, ba farilla ba. Kuma dokar ba ta ware kowa ba: mai shago, dillali, mai gyara, da wadda saurayi ya ba kyauta, duk ma'auni ɗaya ne.

Inda ake ruɗewa shi ne wannan gaɓar ta "yana da dalilin ganewa". Mutane suna zaton idan suka rantse ba su sani ba, magana ta ƙare. Alƙali ba ya shiga zuciyar mutum. Yanayin cinikin yake dubawa: nawa aka sayar, a ina, da wane lokaci, wa ya sayar, akwai kwali ko rasit, wayar a buɗe take ko a kulle. Wanda ya sayi wayar dubu ɗari biyu a kan dubu sittin, da daddare, a bakin titi, hannun yaron da bai san sunansa ba, ga ta a kulle da fasuwad ɗin wani, zai yi wuya ya gamsar da kowa cewa bai yi zargi ba. Sannan kalmar "riƙewa" tana da nata nauyin. Ko da lafiya ka saya, ranar da ka gano ta sata ce ka ci gaba da ɓoye ta, daga ranar ka shiga cikin sashen.

Akwai kuma sashe na 167 na Dokar Shaida ta 2011, wanda ya ba kotu damar ɗaukar cewa wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan satar, ko dai shi ne ɓarawon, ko ya karɓa yana sane, sai fa idan ya iya bayanin yadda kayan suka zo hannunsa. A ganina wannan ya yi wa talaka nauyi, domin cinikin kasuwarmu yawanci na baki ne da amana, ba na takarda ba. Amma idan aka cire wannan ƙa'ida, kowane ɓarawo zai ce tsinta ya yi ko saya ya yi hannun wani da ya ɓace. To tunda bayani doka ke nema, aikin mai saye shi ne ya tanadi bayanin tun kafin ya biya. A nan IMEI take shigowa.

IMEI lamba ce mai alƙaluma 15 da ke bambanta wannan wayar da kowace waya, kamar lambar shasi a jikin mota. Ba ta layi ba ce, ta wayar ce, don haka canza sim ba ya canza ta, goge wayar gaba ɗaya ma haka. Ana ganinta ta hanyar danna wannan a wurin buga kira:

```
*#06#
```

Wayar da ke cin sim biyu za ta nuna lamba biyu. Alƙaluma takwas na farko su ne ke faɗin kamfani da samfurin wayar, ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya, GSMA, ita ke kula da rabon su. Shida na gaba na ita wannan wayar ne kaɗai. Na ƙarshe kuma na tantancewa ne, ana fitar da shi ta lissafi daga sauran 14, shi ya sa idan ka yi kuskuren alƙalami ɗaya shafin dubawa zai ce lambar ba ta inganta ba.

A ce Malam Sani ya je Fam Santa ko Titin Bairut, an miƙo masa Samsung ta hannu, mai shago yana cewa, "Alhaji, wannan Landan yus ce, ba a taɓa kwance ta ba." Abin da zai fara yi shi ne ya danna lambar da hannunsa, kada ya yarda a nuna masa hoton allo. Ya rubuta lambar. Sai ya shiga `Settings`, ya nemi `About phone`, ya ga ko ita ce dai a can. Sai ya juya bayan wayar, inda Samsung ke yawan buga lambar da ƙananan rubutu, sannan ya duba takardar da ke manne a kwali idan akwai kwalin. A iPhone da yawa lambar tana jikin ɗan tiren da ake ɗora sim, a ƙananan wayoyi masu cire batir kuma tana ƙarƙashin batirin. Idan ta allo ta saɓa da ta jiki, ba lallai sata ba ce, domin ana canza murfin baya ko injin wayar wajen gyara. Amma wajibi ne mai shago ya yi bayani, kuma bayanin ya shiga rasit. Idan ya fara cewa "ai ba komai, duk haka suke zuwa", Malam Sani ya ajiye wayar.

Mataki na biyu, ya ɗauki tasa wayar, ya shigar da lambar a ɗaya daga shafukan duba IMEI, irin su `imei.info`. Shafin zai karanta takwas ɗin farko ya faɗi sunan samfurin. Idan a hannunsa Galaxy A54 ce, shafin kuma ya ce lambar ta wata tsohuwar ƙaramar waya ce mai madannai, to ɗayan biyu ne: ko wayar jabu ce da aka yi wa rigar Samsung, ko an sauya mata lamba. Duka biyun ba abin saye ba ne. Sauya lamba kuwa ana yi, musamman a wasu wayoyin Andiroyid masu sauƙin kuɗi, kuma babu wani dalilin kirki da zai sa mai gaskiya ya goge lambar wayarsa. Ga mai sayen iPhone, shafin `checkcoverage.apple.com` yana karɓar lambar siriyal ya nuna samfurin da matsayin garanti.

Har nan maganar inganci ake yi. Maganar sata daban ce, kuma a nan ne jita-jita ta biyu ta fi ɓatar da mutane. GSMA tana da rumbun da kamfanonin layi na ƙasashe da yawa ke saka lambobin wayoyin da aka kai rahoton an sace ko sun ɓata, kuma shafukan da ke duba baƙin jeri daga irin wannan rumbu suke ɗebowa, wasu kyauta, wasu sai an biya. Idan sakamakon ya nuna `Blacklisted`, magana ta ƙare: an kai rahotonta a wani wuri. Wannan ya fi kama wayoyin da aka shigo da su daga Turai ko Amurka, waɗanda kan iya aiki da layinmu lafiya lau duk da an toshe su a can.

Amma idan ya nuna `Clean`, ma'anarsa kawai lambar ba ta cikin wannan rumbun a wannan lokacin. Wayar da aka ƙwace jiya da magariba a Ɗorayi, mai ita bai ma san lambarta ba, ko ya kai ƙara caji ofis an rubuta a littafi, ba za ta bayyana a wani shafin intanet ba. Sai dai kamfanin layi yana ganin IMEI ɗin duk wayar da aka saka wa sim. Ranar da 'yan sanda suka nemi bayanin wannan lambar, layin da za su gani shi ne na wanda ke riƙe da ita yanzu, layin da ke haɗe da lambarsa ta NIN. Ɓarawo ya daɗe da cin kuɗinsa, Malam Sani ne za a ƙwanƙwasa wa ƙofa.

Wasu suna cewa ai hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta tattara lambobin kowa. Wannan ya samo asali ne daga watan Mayu na 2021, lokacin da aka ƙaddamar da sabon tsarin rajistar sim da ya ambaci shirin rumbun lambobin wayoyi, aka yi ta yaɗa cewa kowa sai ya miƙa IMEI ɗinsa. Hukumar ta fito ta ce ba ta umarci kowa ya miƙa ba. Kada wannan labarin ya sa wani ya ɗauka an riga an tace masa kasuwa.

Gwajin da ya fi kama wayar sata ta cikin gari ba na IMEI ba ne ma. Malam Sani ya ce wa mai sayarwa ya cire asusun Google ko iCloud da ke kan wayar a gabansa, ya goge ta, a kunna ta daga farko da intanet. Wayar da aka goge ba tare da cire asusun mai ita ba, za ta tsaya tana neman imel da fasuwad ɗinsa. Mai waya na gaskiya minti kaɗan zai yi ya wuce wurin. Wanda ya ce "bari a kai wa yaro ya yi mata filashin" ya riga ya ba ka amsa, kuma idan ka biya bayan ka ji haka, ka ba mai gabatar da ƙara "dalilin ganewa" da hannunka. A wannan kunnawar ne kuma wayar bashi, wadda ake biya kaɗan-kaɗan ba a gama ba, kan nuna saƙon kamfanin da ke iya kulle ta.

Idan duk an wuce wannan, saura takarda. Rasit ya ɗauki sunan shago da lambarsa, kwanan wata, samfurin waya, kuɗin da aka biya, da IMEI duka biyun a rubuce. Rasit ɗin da aka rubuta "waya ɗaya" kawai ba ya haɗa ka da wannan wayar, don haka amfaninsa kaɗan ne. Idan hannun mutum ne ba shago ba, a yi a gaban shaida, a ɗauki hoton katin shaidarsa da yardarsa, a biya ta tiransifa zuwa asusun da ke ɗauke da sunansa. A ajiye hoton sakamakon dubawar ma, da kwanan watansa.

Duk wannan ba zai hana a karɓe wayar ba idan daga baya ta tabbata ta sata ce. Mai ita za a mayar wa, kai kuma ka bi wanda ya sayar maka don kuɗinka, kuma sau da yawa a nan ake asara. Abin da takardun ke yi shi ne su mayar da kai daga wanda ake tuhuma zuwa shaida, su nuna wa ɗan sanda shagon da zai nufa bayan ya bar gidanka.