Rajistar Umarnin AI a Wurin Aiki: Tambayoyin da Suka Ƙi Ƙarewa

A ina za mu ajiye rajistar da muke rubuta umarnin da muka ba AI da amsoshin da suka fito?

Wuri ɗaya da kowa ke iya buɗewa. Google Sheets ya wadatar, masu rubuta manhaja kuma su sa a Git. Kada dai a bar ta cikin hirar waya, saƙonni za su binne ta.

In na gyara umarni, in goge tsohon?

Kul! Buɗe sabon layi, ka ba shi lamba ta gaba, ka faɗi abin da ka canza da dalili. In ka goge, gobe abokin aikinka zai sake gwada abin da ka riga ka ga bai yi ba.

Na kwafi umarnin abokiyar aikina harafi da harafi, amma amsar ta fito daban. Laifin wa?

Kwantar da hankalinka, mai yiwuwa ba laifin kowa ba ne. Buɗe sabuwar hira fil, ka tura umarnin, ka maimaita haka sau uku. Idan amsoshin ukun sun saɓa wa juna, galibi halin na'urar ne, domin akwai 'yar caca a yadda take zaɓen kalmomi. Rage `temperature`, wato saitin da ke daidaita yawan cacar, yana sassauta wannan, kodayake ko an kai shi 0 ba lallai amsa ta zo iri ɗaya sak ba.

Idan kuwa ukun sun yi kama da juna amma ba su yi kama da tata ba, to akwai abin da bai shiga rajista ba. A ce aikin shi ne taƙaita koke-koken kwastomomi. Ita ta samu gajerun batutuwa 5 a jere, kai kana samun dogayen sakin layi. Ka roƙe ta ta buɗe ainihin hirar. Sau da yawa za a tarar tun a saƙo na biyu ta ce kada kowane batu ya wuce kalma 20, na'urar ta riƙe wannan, ita kuma saƙon ƙarshe kawai ta kwafa. In ba haka ba, a duba fayil ɗin da ta maƙala, ko umarnin dindindin da ke saitin asusunta. Yana kuma yiwuwa kamfanin da ya ƙera AI ɗin ya sabunta samfurin, wannan kam sai dai a sake gwaji. Duk abin da aka gano, a haɗe shi cikin umarni ɗaya mai cin gashin kansa.

To me ake rubutawa a kowane layi?

Kwanan wata, sunanka, cikakken sunan samfurin, umarnin gaba ɗayansa, fayilolin da aka haɗa, amsar da ta fito, sai inda ka tsaya. "Ya yi kyau" ba bayani ba ne. Rubuta: "lissafi daidai, amma ya tsallake koke biyu, ban gwada da dogon fayil ba."

Bayanan kwastoma fa?

Haba! Cire suna da lambar waya, ka sa na bogi. Mabuɗin API kuwa, wato lambar sirrin da manhaja ke shiga AI da ita, ko kusa da rajista kada ya zo.